Man da ke Jikin Tantani: Inda Zafi, Kumburi da Zazzaɓi Suke Samo Asali

Kamfanin Bayer na ƙasar Jamus ya fara sayar da asfirin a shekarar 1899, kuma aka shafe fiye da shekara 70 ana shansa ba tare da an san yadda yake aiki ba. Likitoci sun ga yana kashe ciwon kai, yana sauke zazzaɓi, yana rage kumburin gaɓoɓi, yana kuma jawo gyambon ciki ga wasu, amma babu wanda ya iya faɗin abin da ya haɗa waɗannan abubuwa huɗu. Sai a 1971 wani masanin magunguna ɗan Birtaniya, John Vane, ya markaɗa huhun ɓeran Masar a ɗakin gwajinsa da ke Landan, ya zuba masa wani nau'in mai da ake kira asid arakidonik. Markaɗaɗɗen huhun ya mai da man ya zama wani sinadari, furostagalandin. Da ya ƙara asfirin a ciki, sai aikin ya tsaya.

Wannan gwaji ya nuna cewa zafi, kumburi da zazzaɓi duk suna da tushe a cikin mai, kuma man nan yana zaune ne a jikin tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum. Daga abinci yake zuwa. Shi ne ake nufi idan aka ambaci omega-6 da omega-3 a jikin robar man girki ko kwalbar man kifi.

Abin da ke cikin tantani

Tantanin ƙwayar halitta siriri ne ƙwarai, sai an jera dubbansa kafin a kai kaurin takarda guda. An gina shi da sinadaran maiƙo masu kai ɗaya da jela biyu. Kawunan suna fuskantar ruwan da ke ciki da wajen ƙwayar, jelolin kuma suna ɓuya a tsakiya. Kowace jela sarƙa ce ta ƙwayoyin zarra na kabon, wasu sarƙoƙin miƙaƙƙu, wasu kuma da lanƙwasa a wuraren da kabon biyu suka yi haɗi mai ruɓi biyu. Lambar da ke bin omega tana faɗin inda lanƙwasar farko take idan aka fara ƙirga daga ƙarshen jelar: a kabon na shida ga omega-6, a na uku ga omega-3.

Jikin mutum yana iya haɗa kitse iri-iri daga tuwo ko shinkafa, amma ba ya iya sa lanƙwasa a waɗannan wurare biyu. George Burr da matarsa Mildred ne suka gano haka a Jami'ar Minnesota tsakanin 1929 da 1930. Sun ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame duk wani mai daga ciki, sai ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta bushe, wutsiyarsu ta yi saɓa. Da aka ɗiga musu ɗan mai mai ɗauke da asid linoleyik, sai suka murmure. Linoleyik shi ne uban gidan omega-6, kuma yana da yawa a man gyaɗa, man riɗi, man waken suya da na masara. Uban gidan omega-3 kuwa alfa-linolenik ne, wanda ake samu a man waken suya da ganyaye, amma kusan babu shi a man gyaɗa da manja.

Dukkansu biyun kabon 18 gare su, sun yi gajarta da aikin da ake bukata. Hanta ce ke ƙara musu tsawo da lanƙwasa. Linoleyik ya zama arakidonik mai kabon 20 da lanƙwasa huɗu, alfa-linolenik kuma ya zama EPA mai kabon 20 da lanƙwasa biyar, wani ɓangare ya zarce ya zama DHA mai kabon 22. Inzayim iri ɗaya ne ke yi wa gidajen biyu wannan aiki, saboda haka suna gogayya a kansu. Daga nan sai a dasa su a tantani, galibi a matsayin jela ta biyu.

A jikin fararen ƙwayoyin jini na mutumin da ba ya yawan cin kifi, arakidonik yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da ke tantani, EPA kuma bai cika kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tantani a nan kamar rumbu yake: abin da aka zuba da kaka shi za a ɗiba ranar bukata, kuma ba a ɗiban komai sai an buɗe.

Idan ƙaya ta soki yatsa

Muddin arakidonik yana ɗaure a tantani, ba ya tsinana komai. Jiki ba ya ajiye furostagalandin a shirye, sai lokacin bukata yake haɗa shi nan take. Misalin ƙayar da ta soki yatsan manomi ya isa a ga yadda abin ke gudana.

Da zarar ƙayar ta huda fata, sinadarin kalsiyam yakan kwararo cikin ƙwayoyin halittar da ke wurin. Kalsiyam ɗin ya tayar da wani inzayim mai suna fosfolifas A2, wanda ke zuwa jikin tantani ya yanke jela ta biyu. Cikin daƙiƙoƙi arakidonik ya kuɓuta, kuma hanyoyi biyu manya ke gabansa.

Hanya ta farko ta inzayim ɗin COX ce. Shi ne ke naɗe sarƙar arakidonik ya yi mata zobe, ya cusa mata iskar oksijin, ya fitar da wani sinadari na wucin gadi. Abin da wannan sinadari zai zama ya danganta da ƙwayar halittar da ya samu kansa a ciki. A cikin filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni, yakan zama turomboksen A2, wanda ke tsuke jijiyar jini ya kira sauran filatilet su manne wa juna. Shi ya sa jinin yatsan ke tsayawa bayan 'yan mintuna. Turomboksen ba ya daɗewa, cikin kimanin daƙiƙa 30 rabinsa ya lalace, don haka aikinsa bai wuce bakin raunin. A bangon jijiyar jini mai lafiya da ke kusa, wannan sinadari na wucin gadi yakan zama furostasaikilin, mai yin kishiyar aikin: yana buɗe jijiya, yana hana filatilet mannewa, yana tsare gudan jinin kada ya bazu zuwa inda babu rauni.

A sauran naman yatsan kuma ana samun PGE2, wanda shi ne mai alhakin yawancin abin da manomin zai ji da daddare. Yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, sai wurin ya yi ja ya ɗau zafi. Yana taimaka wa ruwa ya tsattsafo cikin nama, sai yatsa ya kumbura. Yana kuma ƙara wa jijiyoyin jin ciwo kaifi, har taɓawar da a da ba a ji ta koma raɗaɗi. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, wannan PGE2 ɗin ne ake haɗawa a kusa da sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, ya ɗaga ma'aunin, mutum ya fara rawar sanyi da zazzaɓi.

Hanya ta biyu ta inzayim 5-LOX ce, wadda ke cikin fararen ƙwayoyin jini. Ita ke samar da lukotirayin. Ɗaya daga cikinsu, LTB4, yana janyo fararen ƙwayoyin jini zuwa bakin raunin su cinye ƙwayoyin cuta, kuma ragowar wannan yaƙi shi ne mugunyar da ke taruwa bayan kwana biyu ko uku. Wasu lukotirayin ɗin suna tsuke hanyoyin numfashi, su ne ke da hannu a tashin asma. Masanin Suwidin Bengt Samuelsson da abokan aikinsa ne suka gano turomboksen a 1975 da lukotirayin a 1979. A 1982 aka ba shi kyautar Nobel tare da malaminsa Sune Bergström da John Vane.

Abin da kantin magani ke koyarwa

Magungunan ciwo da aka saba saye suna tare wannan hanya ne a wurare daban-daban. Ibufurofen da dikulofenak suna toshe bakin COX na wasu awanni, sannan su saki. Asfirin kuwa yana lalata inzayim ɗin gaba ɗaya. Yawancin ƙwayoyin halitta sukan ƙera sabo, amma filatilet ba su da cibiyar da za ta ba da umarnin ƙera wani, don haka duk wadda asfirin ya taɓa ta rasa turomboksen har ƙarshen rayuwarta, kwana bakwai zuwa goma. Wannan ne dalilin da ƙaramin asfirin na miligiram 75 a rana ke isar wanda ya taɓa samun bugun zuciya, kuma shi ne dalilin da likitan tiyata ke tambaya ko majiyyaci yana shansa kafin a shiga da shi.

Illar magungunan ita ma daga nan take fitowa, domin furostagalandin ɗin da ke sa yatsa ciwo shi ne ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi daga ruwan tsaminsa, shi ne kuma ke buɗe jijiyoyin ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙaranci. Lebura ko mai faskare da ke haɗiyar dikulofenak kullum da safe kafin ya karya, ya wuni cikin rana yana gumi, yana cire wa tumbinsa da ƙodarsa kariya a lokaci guda. Alamun da ke nuna an fara taɓuwa su ne zafi a ƙahon zuci, baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta, kumburin ƙafafu da raguwar fitsari. Wasu masu asma kuma numfashinsu kan sarƙe idan sun sha asfirin ko ibufurofen, saboda rufe hanyar COX na karkatar da ma'auni zuwa ɓangaren lukotirayin.

Da aka gano a farkon shekarun 1990 cewa COX iri biyu ne, COX-1 mai aikin yau da kullum da COX-2 mai ƙaruwa lokacin kumburi, sai kamfanoni suka ƙera magungunan da ke toshe na biyun kaɗai don a huta da gyambon ciki. Ɗaya daga cikinsu, Vioxx na kamfanin Merck, an janye shi daga kasuwa a watan Satumba na 2004 bayan an ga yana ƙara bugun zuciya da shanyewar jiki. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne maganin ya rage furostasaikilin na bangon jijiya, ya bar turomboksen na filatilet yana aiki ba mai taka masa burki. Sinadaran biyu daga arakidonik ɗaya suke fitowa, wato daga omega-6, ɗaya yana daskarar da jini ɗaya yana hanawa.

Inda kifi ya shigo

A 1970 likitoci biyu 'yan Denmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka tafi yankin Uummannaq a gaɓar yammacin Girinlan, suka ɗebi jinin mutanen Inuit masu rayuwa da kifi da naman dabbobin teku. Sun tarar da EPA mai yawa a jininsu, arakidonik kuma kaɗan, daga baya suka auna suka ga jininsu ya fi na mutanen Denmak jinkirin tsayawa idan an yanke. Sun danganta wannan da ƙarancin ciwon zuciya da ake cewa mutanen suna da shi. Masu binciken baya sun nuna cewa alƙaluman ciwon zuciyar ba su da inganci, amma abin da aka auna a jinin ya tabbata, kuma shi ya buɗe ƙofar binciken man kifi.

EPA da arakidonik tsawonsu ɗaya, bambancinsu lanƙwasa guda ce. Saboda haka idan EPA ya yawaita a abinci, yakan ture wani kaso na arakidonik daga tantani ya zauna a gurbinsa. Ranar da fosfolifas ya zo yanka, sai ya yanko su a gauraye. COX yana karɓar EPA da nawa, kuma yayin da yake fama da shi, arakidonik ɗin da zai sarrafa ya ragu. Abin da ke fitowa daga EPA ma ba shi da ƙarfi: turomboksen A3 da ƙyar yake sa filatilet su manne, LTB5 kuma ya gaza LTB4 wajen kiran fararen ƙwayoyin jini da ninki goma ko fiye. Kumburi yana faruwa yadda ya kamata, sai dai da sauƙi.

Akwai kuma batun yadda kumburi ke ƙarewa. Da can an ɗauka yana lafawa ne kawai idan sinadaran sun ƙare. Charles Serhan na Jami'ar Harvard ya nuna a farkon shekarun 2000 cewa jiki na haɗa wasu sinadarai daga EPA da DHA, waɗanda ya kira risolbin, masu dakatar da kwararar fararen ƙwayoyin jini da tura wasu su share matattun. Tun a 1984 shi da Samuelsson suka gano masu irin wannan aiki, lifoksin, waɗanda daga arakidonik ɗin kansa suke fitowa. Yawancin hujjojin risolbin daga dabbobi da ɗakin gwaji suke, kuma masana na jayayya kan ko adadinsu a jikin mutum ya kai ya yi tasiri.

Adadi da lokaci

Tantani ba ya sauyawa cikin dare ɗaya. Wanda ya fara cin kifi mai maiƙo ko shan man kifi, EPA kan ƙaru a ruwan jininsa cikin kwanaki, a filatilet cikin makonni, amma jajayen ƙwayoyin jini, masu rayuwar kimanin kwana 120, sai sun ɗauki watanni kafin su daidaita. Idan ya daina, a hankali komai ya koma yadda yake. Wannan ne ya bambanta man kifi da ibufurofen, wanda ke aiki cikin awa guda.

Cutar da aka fi ganin tasirin a cikinta ita ce amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke kai wa gaɓoɓi hari. Gwaje-gwaje sun nuna cewa kimanin giram 2.7 na EPA da DHA a haɗe kowace rana, na tsawon wata uku ko fiye, yana rage sandarewar safe da yawan maganin ciwon da ake sha, ko da yake ba ya maye gurbin ainihin maganin cutar. Lissafin ya cancanci a duba shi. Kafson man kifi da aka fi sayarwa an rubuta masa miligiram 1000, amma a bayan kwalba za a ga EPA miligiram 180 ne, DHA 120, jimilla 300. Kafin a kai giram 2.7 sai an haɗiyi kafso tara a rana. Mai shan guda ɗaya na mako biyu ya ce bai ga canji ba, bai kai adadin ba kuma bai kai lokacin ba. Cike gurbin da man hantar kifi ma ba dabara ba ce, domin yana ɗauke da bitamin A mai yawa, wanda ke taruwa a jiki kuma yana da haɗari ga mai juna biyu.

Dogaro da omega-3 na tsirrai kaɗai shi ma yana da iyaka. Jiki na mai da kashi kaɗan ne cikin ɗari na alfa-linolenik zuwa EPA, na DHA kuma ya fi haka ƙanƙanta, musamman a jikin maza. Kifin teku mai maiƙo ya riga ya ƙunshi su a shirye. Titus, shawa da sadin da ake sayarwa a wurin masu kifin ƙanƙara na cikin waɗanda suka fi yawansu, giram 100 na titus kan ba da giram ɗaya zuwa biyu. Tarwaɗa da karfasa na gona suna da furotin mai kyau, amma omega-3 ɗinsu bai kusanci haka ba.

Shin man gyaɗa na hura kumburi?

Tunda arakidonik daga linoleyik yake fitowa, mutane da yawa sun yanke hukuncin cewa man tsirrai mai omega-6 shi ke cika jiki da kumburi. Bincike a jikin mutane bai goyi bayan haka ba. Inzayim ɗin farko da ke sarrafa linoleyik yana da iyakar abin da yake iya ɗauka, kuma abincin yau da kullum ya riga ya cika masa hannu. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara gwaje-gwaje fiye da 30, ya gano cewa ƙara linoleyik a abinci ko rage shi sosai bai sauya adadin arakidonik a jinin manya ba. Abin da ke motsa ma'aunin tantani da gaske shi ne yawan EPA da DHA da ke shiga baki. A 2009 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuzarin abinci ya fito daga omega-6, ta kuma yi gargaɗi kan rage shi.

A ɓangaren zuciya sakamakon man kifi ya rabu. Gwajin VITAL, wanda aka bayyana a 2018, ya ba mutum sama da 25,000 masu lafiya giram ɗaya a rana ko kafson bogi, bai ga raguwa ta a zo a gani ba a jimillar manyan cututtukan zuciya. A shekarar dai gwajin REDUCE-IT ya ba mutum kimanin 8,000 masu yawan kitse a jini giram huɗu na zallan EPA ko kafson kwatance, aka samu raguwar kashi 25 cikin ɗari. Sai dai kafson kwatancen man ma'adini ne, wanda wasu ke zargin ya ƙara wa masu shansa illa har bambancin ya yi kamar ya fi girma. A 2020 gwajin STRENGTH ya gwada giram huɗu na EPA da DHA a kan mutum kimanin 13,000, ya kwatanta da man masara, aka dakatar da shi saboda babu alamar amfani.

Manyan gwaje-gwajen biyu masu giram huɗu sun haɗu a abu guda: masu shan man sun fi samun wata rikicewar bugun zuciya, inda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon bugawa daidai. Saboda haka likitoci ke ɗaukar giram uku ko huɗu a rana a matsayin magani mai bukatar kulawa, musamman ga wanda ke shan asfirin ko wafarin, ko wanda ya taɓa jin zuciyarsa na tsallen bugu. Ga sauran jama'a, shawarar ƙungiyoyin likitocin zuciya ita ce cin kifi sau biyu a mako, aƙalla ɗaya mai maiƙo, wanda ke ba da kimanin miligiram 250 zuwa 500 na EPA da DHA a rana idan aka raba a kan kwana bakwai.